Tsinken fitsari ya nuna furotin ga mai ciki: ku ba ni abin da kuka gani

Rukayya, Aboabo: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Wata huɗu ke nan da fara aikina a ɗakin awon ciki na wani ƙaramin asibiti a nan Kumasi. Jiya wata baiwar Allah mai cikin wata bakwai ta zo da fitsarinta daga gida cikin robar ruwa. Tun asuba ta yi shi, ni kuma ban tsoma tsinken gwaji a ciki ba sai wajen ƙarfe ɗaya. Furotin ya ba da 1+, lukosait, wato fararen ƙwayoyin jini, 2+, naitirait, wato sinadarin da wasu ƙwayoyin cuta ke samarwa a fitsari, babu, jini ɗan kaɗan, sukari babu. Awon jininta 118/74, ƙafa ba kumburi. Gabana ya faɗi saboda furotin ɗin, don yakan zama alamar ciwon hawan jinin masu ciki. Me ya kamata in yi?

Hajiya Ladidi, ungozoma, Asawase: Wa alaikumus salam 'yata. Wannan fitsarin ba abin karantawa ba ne. Ya yi awa bakwai cikin zafin nan, ƙwayoyin cuta sun hayayyafa a ciki, sun mai da shi mai kanwa-kanwa, kuma fitsari irin wannan yakan juya kalar gurbin furotin na jikin tsinke ko da ƙoda lafiya lau take. Bai kamata ya wuce awa biyu ba. Ki ba ta kwalbar asibiti, ta yi tsarki da ruwa, ta bar na farko ya zuba, ta tari na tsakiya. Farin ruwan da ke fita wa mai ciki kaɗai ya isa ya ba ki lukosait da ɗan furotin. Na sha ganin 1+ ya ɓace a gwaji na biyu. In bai ɓace ba, ko awon jininta ya kai 140/90, ko tana ciwon kai da ganin walƙiya, to likita ya gan ta a ranar.

Bashiru: Tunda naitirait babu ai babu ciwon mara. Haka aka koya mana. A sallame ta kawai.

Malam Sani, ɗakin gwaji: Bashiru, rabin maganarka gaskiya ce. In naitirait ya fito a sabon fitsari, hujja ce mai ƙarfi. Rashinsa kuwa ba ya wanke kowa. Sai fitsari ya zauna a mafitsara kamar awa huɗu kafin ƙwayoyin su samar da shi, mai ciki kuwa ina ta ga awa huɗu? Wasu ƙwayoyin ma, irin su enterokokus, ba sa yin sa sam.

Bari in ba ku abin da ya same ni da daminar bara. Ranar nan mutum shida a jere duk naitirait ya fito musu, har da yaron da ya zo don takardar makaranta. Na zaro sabon tsinke na duba kafin in tsoma, sai ga gurbin ya riga ya yi ja-ja. Ashe an bar murfin gwangwanin tsinkayen a buɗe tun daren jiya, danshi ya shiga. Na zubar da gwangwanin duka, na sake kiran mutanen. Tun daga nan nake rubuta ranar buɗewa a jiki, kuma ba na cire ɗan ƙullin shan danshin da ke ciki.

Rukayya, ki kuma riƙe agogo. A irin tsinkenmu lokacin karanta sukari daƙiƙa 30 ne, furotin da jini da naitirait 60, lukosait minti 2. Ki duba jikin naku. Wanda aka ajiye aka dawo bayan minti biyar, kalarsa ba ta da amfani.

Maman Fati, Sabon Zongo: Ni ba ma'aikaciya ba ce. Ina da ciwon sukari, na gwada a gida tsinken ya ce babu sukari. In daina magani?

Hajiya Ladidi: Kul, Maman Fati. Sukari ba ya zubowa cikin fitsari sai na jini ya haura kamar 10 a ma'aunin da muke amfani da shi nan. Kuma in kina shan bitamin si da yawa yakan rufe sukari da jini duka a tsinke. Ki je a soki yatsa.

Malam Sani: Akasinsa ma akwai. Kwalbar da aka wanke da bilic ba a ɗauraye sosai ba takan nuna sukari da jini ga mai lafiya. Rukayya, kin tambaye ta da me ta wanke robar?

Rukayya: Ban tambaya ba Malam, na yi kuskure. Ta dawo yau da safe, ta yi sabo a kwalbarmu, na karanta da agogo a hannu. Furotin babu, jini babu, naitirait babu, amma lukosait yana nan 1+. Ta ce ba ta jin zafin fitsari. Mun tura a shuka shi a ɗakin gwaji don a ga ko ƙwayoyin cuta za su tsiro, sai jibi sakamako. Likita ya ce a jira.

Hajiya Ladidi: Ni ma jira zan yi, amma ki ce mata in zazzaɓi ko ciwon kwiɓi ya taso kafin jibi, kada ta kwana a gida.