Neman shawara: tallar komawa makaranta da na rubuta ba ta kawo ciniki ba

Mai Shagon Yunifom: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da yunifom da littattafan 'yan firamare. Ga tallar da na yi: "Garaɓasa! Ragi har kashi 50 cikin 100! Kada ka bari ɗanka ya ji kunya a cikin tsara!" Ana ta gani, amma mai tambaya kaɗan ne, mai saye kuwa sai a hankali. Me zan gyara kafin a koma makaranta?

Uwar Yara Huɗu: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, fara cire maganar kunyar nan. Mu da muke kwana muna lissafin kayan yara, ba ma bukatar a tuna mana abin da yake hana mu barci. Da na ga irin wannan sai in wuce, don ji nake kamar gori ake mini.

Tsohon Ɗan Kasuwa: Hajiya, gaskiya ta faɗa miki, amma akwai abin da ya fi wannan. Uba ba ya lissafi da kashi cikin ɗari. Tambayarsa ɗaya ce: nawa zan kashe in gama da yaro ɗaya? Tallarki ba ta amsa ba. Kuma "har kashi 50" kowa ya san yawanci a kan safa ko fensir yake, rigar da littafin suna nan a kuɗinsu. Wanda ya zo ya tarar da haka ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa wasu.

Ki haɗa kayan yaro ɗaya wuri guda, ki sa musu kuɗi ɗaya. Misali: "Kayan ɗan aji uku cikakke: riga 2, wando ko siket 1, safa ƙafa 2, littafin rubutu 6. Jimla kaza. In an saya ɗai-ɗai, kaza ne. In riga ba ta yi daidai ba, a dawo da ita cikin kwana 7 a canza, muddin ba a wanke ba." A wurin "kaza" ki sa ainihin kuɗin. Riga biyu wando ɗaya ba a banza na ce ba, riga ce take saurin datti, ana wanke ɗaya ana sa ɗaya. Sai ki rufe da ranar da ragin zai ƙare da yadda za a same ki, shi ke nan.

Ɗan Gwanjo: Ni dai a ganina ragin ne bai isa ba. Ki rage a kan komai da komai, za ki ga cinkoso.

Tsohon Ɗan Kasuwa: Cinkoso za a gani, malam, amma yi lissafi. A ce a kowane 100 na kuɗin sayarwa ribarta 20 ce. In ta rage 10, ribar ta koma 10, wato sai ta sayar da ninki biyu kafin ta samu abin da take samu a da. In ta rage 20, aikin banza ta yi. Gara ta yi ragin a kan haɗin kawai, ko a kan yaro na biyu, tunda mai yara da yawa shi ne abin ya fi yi wa nauyi.

Malamar Firamare: Bari in sa baki a kan littattafai. Kada ki cusa littafin karatu cikin haɗin nan, don kowace makaranta da jerin nata. Ki rubuta: "Turo hoton jerin littattafan makaranta, mu gaya maka jimla kafin ka taso." Ki riƙa duba sunan marubuci da bugu. Kowace shekara sai na ga yaro da tsohon bugu, in ce a buɗe shafi kaza, nasa wani darasi ne daban. In kina da na hannu, ki faɗa ƙarara cewa na hannu ne. Amma littafin aiki da ake rubutu a ciki ba ya gaduwa, dole sai sabo.

Baban Gida: Don Allah ku taimaka mini ni ma, wace makaranta ce ba ta tilasta wa iyaye sayen yunifom a wurinta?

Malamar Firamare: Baba, talla ake gyara wa 'yar uwarmu. Amma ka taɓo wani abu: in makaranta ita take sayar da nata mai baji, Hajiya ta daina ɓata talla a kan iyayen can, sai dai safa da littafin rubutu.

Uwar Yara Huɗu: Ni abin da zai sa in kira ki shi ne in ga "biya kaɗan-kaɗan". Kuma ki rubuta cewa an bar kalmasa mai faɗi a wando da siket, a warware in yaro ya ƙara tsawo.

Tsohon Ɗan Kasuwa: Kalmasar na yarda. Biya kaɗan-kaɗan kuwa, sai dai kaya su zauna a shago har a cika kuɗi. In suka fita, bashi ne.

Uwar Yara Huɗu: To Alhaji, in an koma makaranta ban cika ba, yaron ya tafi da me?

Mai Shagon Yunifom: Na gode ƙwarai. Haɗin da hoton jerin zan fara da su. Maganar biyan nan har yanzu ban yanke ba, wataƙila in saki riga ɗaya da wando in an biya rabi, sauran su jira cikon.