WNS ɗina +0.030 ne amma bodi na yin kuskure, in sayi sabuwar osileta ko in sauko da gudu?

Ɗan_Samaru: Assalamu alaikum manya. Aikin digirina na biyu ne, a kan cif ɗin FPGA na Artix-7. Osileta 100 MHz ce a bodin, na shigar da ita MMCM na fitar da 250 MHz, wato zagaye ɗaya 4 ns. Vivado ya ce na tsallake da WNS +0.030 ns, wato rarar lokacin da ta rage a hanyar da ta fi matsewa. Amma in bodin ya ɗau zafi, lissafin da yake tarawa yakan kauce jefi-jefi. Takardar osiletar ta ce jitarta, wato rawar da bugun kulok ke yi a lokaci, 1 ps RMS ce, ni kuma da na ɗora sikop sai na ga tsayin zagayen yana wasa da kusan 180 ps. Wanne zan yarda da shi? Kuɗin hannuna na abu ɗaya ne: ko in canza osileta, ko in haƙura in dawo 200 MHz, wanda malamina ba zai so ba don gudun shi ne jigon aikin.

Sarkin_Soda: Wa'alaikumussalam. Canza osileta kawai, ta bodin nan duk gwanjo ce. Ni ɗari takwas na sayo a Sabon Gari.

Gwaggon_Lab: Ɗari takwas? Ƙila ƙiristal mai ƙafa biyu ka saya. Mai ƙarancin jita da na yi oda ta haura dala goma kafin kuɗin kawowa.

Injiniya_Dattijo: Ƙanena, kafin a kai ga kasuwa, liƙo mana sashen `Clock Uncertainty` na hanyar da ta fi matsewa. Kuma ka faɗa mana ko ka rubuta `set_input_jitter` a XDC ɗinka.

Ɗan_Samaru: Ban rubuta ba, Yallaɓai, da hannu na kira MMCM ɗin. Ga shi:

```
Clock Uncertainty: 0.065ns  ((TSJ^2 + DJ^2)^1/2) / 2 + PE
  Total System Jitter (TSJ): 0.071ns
  Discrete Jitter      (DJ): 0.110ns
  Phase Error          (PE): 0.000ns
```

Hanyar bayanan 3.830 ns ce, bambancin isowar kulok ya ci 0.045, rajistar ƙarshe na neman 0.030.

Injiniya_Dattijo: Madalla. Ka ga inda 4.000 ɗinka ta tafi: cire 3.830, cire 0.045, cire 0.030, cire 0.065 na jita, saura 0.030. Amma wannan 0.065 an lissafa ta ne kamar osiletarka ba ta rawa ko kaɗan, tunda ba ka gaya masa komai ba. TSJ ɗin ma ba daga bodinka ya auno ta ba, zato ne na 50 ps a kowane ɓangare, shi ya ba da 0.071.

Lambobinka biyu kuwa ba abu ɗaya suke aunawa ba. 1 ps ɗin takarda matsakaicin rawa ne, kuma galibi tsakanin 12 kHz da 20 MHz kaɗai ake tattara shi, a kan wuta mai tsafta. Rajistarka ba ruwanta da matsakaici. Abin da ke kayar da ita shi ne zagaye guda da ya zo a gajarce, wato wannan gaɓa ta makara, ta gaba ta yi sammako. Rawar da hayaniya ke jawowa ba ta da iyaka tsayayya, iya daɗewarka kana aunawa iya faɗin da za ka gani. A zagaye 10,000 ana ninka RMS da kusan 7.4, in kuma kana son kuskure ɗaya cikin tiriliyan sai a ninka da 14. To ko da 14 ɗin ka ninka 1 ps, ina 14 ina 180? Da alama galibin sauran daga wani wuri suke zuwa, ba daga cikin gwangwanin osileta ba.

Malam_Rediyo: 1 ps ba ƙaramin abu ba ne fa. `SNR = -20*log10(2*pi*f*tj)`. In siginarka 100 MHz ce, 1 ps ta tsayar da kai a 64 dB, ko da ADC ɗinka mai bit 16 ne. Sayi mai kyau.

Gwaggon_Lab: Malam, lissafinka daidai ne, amma wa ya ce maka akwai ADC a bodin yaron nan?

Malam_Rediyo: To ai wata rana zai sa.

Bakatsine_77: Ɗan'uwa, kar ka saurari masu cewa ka sayi kaya, ni ganau ne. Na yi wa wani kamfani bodin sadarwa, kulok 156.25 MHz, fakiti na faɗuwa lokaci-lokaci. Wani da ake kira gwani ya leƙa ya ce jita ce, a sa cif mai tace kulok. Muka sake zanen bodi gaba ɗaya, aka buga a Shenzhen, aka kawo, aka haɗa. Matsala na nan daram. Kamfanin suka riƙe min rabin kuɗina, suka ce ni na ba da shawarar, alhali gwanin nasu ne.

Daga baya wani yaro mai koyon aiki ya ce shi ya lura kuskuren yana ƙaruwa duk sanda fanka ta tashi. Muka bi. Ashe layin kulok ya ratsa ta ƙarƙashin kwayil ɗin regileta mai saukar da wuta, kuma cif ɗin tacewar da muka saya da tsada daga wannan regiletar muka ba shi wuta. Ya tace abin da ya shigo masa ta gaba, datti ya shigo masa ta baya. Abin da ya gyara shi ƙaramar regileta ce marar kunna-kashe, da ferait guda, da kafasita biyu. Har yau ba su biya ni ragowar ba, gwanin kuma an ƙara masa girma.

Sarkin_Soda: Allah ya isar maka. Yaron fa, ka ba shi ko na goro?

Bakatsine_77: Da wane kuɗin?

Ɗan_Samaru: Allah ya mayar da alheri. Ni ma 1.8 V ɗina daga irin wannan regiletar take fitowa. Na saka abin da Injiniya ya ce:

```
set_input_jitter [get_clocks clk100] 0.180
```

DJ ta tashi zuwa 0.190, `Clock Uncertainty` ta zama 0.101, WNS ya koma -0.006. Ke nan na gano ɓarawon?

Injiniya_Dattijo: A'a, kar ka yi saurin murna. Na farko, 180 ɗin nan ban gamsu da ita ba. Da wane firob ka auna? In da doguwar wayar ƙasa mai bakin kada ce, rabin abin da ka gani na wayar ne. Duk hayaniyar da ta hau gaɓar kulok tana rikiɗewa ta zama lokaci: gaɓa mai tashi 1 V a cikin 1 ns, ka ɗora mata hayaniyar 50 mV, ka motsa inda take tsallaka tsakiya da 50 ps. Sikop mai ƙaramin zango kuma yana kwantar da gaɓar ya ƙara tasa hayaniyar a kai.

Na biyu, Vivado yana lissafi ne a kan cif mafi sanyin jiki, a mafi munin zafi da mafi ƙarancin wutar da aka yarda. Cif na gaske da ke kan teburinka ba kasafai 6 ps ke kayar da shi ba. In yana faɗuwa, wani abu ya fita daga ƙa'ida. Duba VCCINT, dole ta tsaya tsakanin 0.95 da 1.05 V har a lokacin da duk rajistoci suka motsa tare. In ta lotsa, hanyar bayanai ta rage gudu, bishiyar kulok ma jinkirinta ya canza tsakanin wannan gaɓa da ta gaba, an ci zagayenka ta fuska biyu. Sannan VCCAUX, don daga ita MMCM ke shan wuta. Osileta ta dala ɗari ba ta maganin ko ɗaya daga cikinsu.

Ka auna ribar kowace hanya. Osileta marar aibi ko kaɗan za ta dawo maka da 36 ps, daga 0.101 zuwa 0.065. Saukowa 200 MHz 1000 ps ce cur.

Sarkin_Soda: MMCM ai tana wanke jita duka, shi ya sa ake saka ta.

Injiniya_Dattijo: Rabin gaskiya. Rawa mai sauri da ta fi ƙarfin madaukinta tana rage ta, mai tafiyar hawainiya kuwa bin ta take yi ta fitar da ita. Kuma tana zuba tata, ga 0.110 can tun kafin a ba ta komai. Sa'ar da aka yi, rawa mai jinkiri ba ta cika damun hanyoyin cikin cif ba, tunda gaɓoɓi biyu maƙwabta tare take ɗaukar su.

Bakatsine_77: Da girmamawa Injiniya, duk wannan a takarda ne. Gwanin da ya kashe min kuɗi ma haka yake zuba lambobi. Wanda bai taɓa asarar bodi daga aljihunsa ba bai kamata ya fi mu murya ba.

Gwaggon_Lab: Haba Bakatsine. Abin da yake faɗa shi ne ainihin labarinka, a duba wuta kafin a sayi kaya. Kai ne shaidarsa ma. Ɗana, ni tambayata daban: mece ce wannan hanya mai 3.830? Raba ta biyu da rajista ka huta.

Ɗan_Samaru: Gwaggo, mai tara jimla ne mai bit 48, fitarsa na komawa cikinsa a kowane zagaye, da gwajin ko ya cika. In na sa rajista a tsakiya lissafin ya lalace.

Gwaggon_Lab: To a LUT ka gina shi? DSP48E1 yana da mai tarawa na bit 48 a cikinsa, kuma 250 MHz ba komai ba ce a wurinsa. Gwada `(* use_dsp = "yes" *)`. Gwajin cikar ne dai ban san yadda za ka fitar da shi daga madaukin ba sai na ga lambar.

Malam_Rediyo: Ko kuwa janareton sashenku ne. Namu in ya tashi har agogon bango jita yake.

Sarkin_Soda: Ni dai na koma shagon, yanzu dubu biyu da ɗari biyar ya ce, wai dala.

Gwaggon_Lab: Ka duba rubutun kanta da kyau. An taɓa sayar min da goma masu tambarin 100 MHz, uku 25 suke bugawa.

Bakatsine_77: Ko ka yi oda daga waje ma ba ka tsira ba. Katina ya ƙi biya, na bi ta hannun wani a Legas, kuɗin kawowa ya ninka kuɗin kayan, sannan kamfanin jigilar suka kira wai sai na ƙara na fito da shi. Kaya bai kai cikin cokali ba.

Malam_Rediyo: Mu a Maradi ta Kwatano muke bi, in da mai tahowa.

Ɗan_Samaru: Sikop ɗinmu 200 MHz ne, kuma eh, da wayar bakin kada na auna. Akwai wanda ke da mai 1 GHz a Zariya ko Kaduna da zai bar ni in zo da bodin?

Sarkin_Soda: Akwai ɗaya a wani lab da na sani, amma mai makullin ya tafi Umara.