An ɗora wa mai sayarwa haraji: daga aljihun wa ya fita?

Mai Kayan Ɗaki: Jama'a, duk wanda aka taɓa sa wa kayansa haraji ya ba mu labari. Ni kayan ƙawata ɗaki nake sayarwa. Abin da nake bayarwa a 100 aka ɗora masa 10, kuma ni zan miƙa wa hukuma. Na mayar da shi 110, sai ciniki ya tsaya cak, don kaya ne da mutum zai iya haƙura da shi. Na dinga sassautawa har kasuwa ta zauna a 104. In an cire haraji, 94 ke shiga hannuna, wato mai saye ya ɗauki 4, ni na ɗauki 6.

Uwar Biyu: Yaya, kai ne ka cika sanyi. A gidan man da nake aiki, ranar da aka ƙara haraji ranar muka sauya farashi, kusan duka muka ɗora, kuma layi bai ragu ba. Mai saye ne ke biya kullum.

Malam Akanta: Hajiya, a man fetur kina da gaskiya, amma cire “kullum”. Mai mota ba shi da mafita yau ko gobe, sauran gidajen mai ma an ƙara musu. Wanda ba shi da wurin gudu shi nauyin ke faɗa wa, ko sunan wa doka ta ambata. A 1990 Amurka ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan abin da ya haura dala 100,000 na kuɗin jiragen ruwa na shaƙatawa, da nufin tatsar attajirai. Attajiran suka kai kuɗinsu wani wuri, masu ƙera jiragen da ma'aikatansu suka kwana ciki. A 1993 aka soke shi.

Baƙo: Ni ban ga abin musu ba. Ana rubuta haraji a rasit, ni na biya, shi ke nan.

Malam Akanta: Ɗan'uwa, rasit bai nuna ragin da mai kaya ya yi kafin ya rubuta ba. Kwatanta farashin da da na yanzu, sannan ka duba ko kayan da ba a sa wa harajin ba su ma sun tashi, kada ka ɗora wa haraji laifin tsadar rayuwa.

Kafinta: Malam, kun manta da mu. Da aka sa harajin, masu shago suka ce sai na rage kuɗin aiki ko su koma wajen wani. Injinana ba sa yin wani aikin, dole na rage. Yaya Mai Kayan Ɗaki, wannan 6 ɗin naka, tsakani da Allah kai kaɗai ka ɗauka?

Mai Kayan Ɗaki: To, mai kawo mini kaya ya sauke mini 2. Ko shi ma ya matsa wa na bayansa, sai dai a tambaye shi.