Malam ya ce kada in ƙara ko layi ɗaya: gyara ne wannan ko kwaskwarima?

Ɗan Fagge: Jama'a ku raba ni da malamin da ke duba min kundin kammala digiri. Sau biyu yana dawo min da babin da na rubuta kan dalar gyaɗa ta Kano, wai sakin layin ba sa bin juna. Na ƙara shafi biyu, ya soke su da jan biro, ya ce in sauya wa sakin layin wuri kawai in gyara mahaɗarsu. Ni a ganina wannan kwaskwarima ce. Rubutun da bai tafi daidai ba ƙarin bayani yake nema.

Malama Uwani: Ɗana, kafin a yi nisa ka janye kalmar nan. Shekara da shekaru ina koyar da insha'i a sakandare, abin da na fi shan wahala a kai ke nan, kai kuma ka kira shi kwaskwarima kamar jan baki da gazal.

Magini: Malama, a yi haƙuri, mu a wajen gini kwaskwarima ba zagi ba ce. Filasta da fenti da canjin ƙofa, duk kwaskwarima ne, kuma kuɗi ake kashewa ba kaɗan ba.

Malama Uwani: To ai ka faɗa da bakinka. Fenti ne. Wanda ya ɗauke bango daga nan ya mayar can fenti ya yi?

Na Rediyo: Mu kullum muna cewa za a yi wa kundin tsarin mulki kwaskwarima, kuma ba wanda ya taɓa zaton hoda za a shafa masa. Kalmar ta daɗe da faɗaɗa, malaman aji ne ba su bi ta ba.

Malama Uwani: Ku 'yan rediyo ku kuka lalata ta, kamar yadda kuka lalata wasu da yawa.

Baba Edita: Ku dakata. Yaro, kawo mana sakin layin nan, kowanne ka faɗi abin da yake ɗauke da shi a jimla ɗaya, yadda suke a jere tun kafin ka ƙara shafi biyun.

Ɗan Fagge: To Baba, guda biyar ne. Na ɗaya, yadda ake jera buhunan gyaɗa har su zama dala. Na biyu, Alhassan Ɗantata da sauran dillalan da ke saya wa kamfanonin Turawa. Na uku, farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975. Na huɗu, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da yadda Turawa suka sa ran auduga amma manoma suka rungumi gyaɗa. Na biyar, yadda kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma.

Baba Edita: Madalla. Malaminka ya yi gaskiya, kuma ga hujjar a cikin abin da ka rubuto yanzu. Ka kashe gyaɗar a na uku, sannan ka kawo jirgin da ya raya ta a na huɗu. Mai karatu ya baro 1975, ka jawo shi baya shekara sittin da huɗu ba sallama, daga nan ka sake wurga shi gaba. Ko shafi goma ka ƙara, wannan tuntuɓen yana nan.

Ka ɗauko na huɗu ka sa shi a farko. Ɗantata ya biyo shi, jera buhuna ya zama na uku. Ka lura da abin da zai faru. Jirgi ya buɗe hanyar kai kaya bakin teku, wannan ya sa kamfanoni suka nemi masu shiga ƙauyuka su sayo musu, ga Ɗantata ya shigo da ƙafarsa. Dillalai suka tara gyaɗar da ta fi ƙarfin abin da jirgin ke iya kwashewa a lokaci ɗaya, sai aka riƙa jibge buhuna ana jira, ga dala ta tashi. Kowane sakin layi ya bar tambaya, na gaba ya amsa ta. Ban ƙara maka komai ba, kayanka ne.

Sai bayan ka yi wannan za ka taɓa mahaɗa. Ka karanta jimlar ƙarshe ta kowane sakin layi tare da jimlar farko ta mai bi masa, su biyun kaɗai, da ƙarfi. Idan na Ɗantata ya ƙare da maganar yawan gyaɗar da ake tarawa, kada na gaba ya fara da "Dala wani tsari ne na jera buhuna". Ya fara da abin da mai karatu yake riƙe da shi a hannu: "Gyaɗar da dillalan suka tara ta fi ƙarfin taragon jirgi, shi ya sa aka shiga jera ta a fili." Ka fara da tsohon zance, ka ƙare da sabo.

Sarkin Aji: Baba ya tsawaita. Ni abin da na yi a nawa kundin mai sauƙi ne, kuma ya wuce ba gardama. Kowane sakin layi ka buɗe shi da "bugu da ƙari" ko "har ila yau" ko "haka zalika", kana juya su don kada su maimaitu. Shi ke nan, ya haɗu.

Baba Edita: Rabin maganarka daidai ne, ana buƙatar kalmomin. Amma gwada naka a tsohon jerin yaron nan. Cuta ta cinye gyaɗa a 1975, bugu da ƙari jirgi ya iso a 1911. Ka ji ma'ana? "Bugu da ƙari" alkawari take yi cewa abin da ke tafe irin wanda ya wuce ne. "Sai dai" tana cewa za a juya. "Saboda haka" tana cewa na baya ne ya haifi na gaba. In ka sa wadda dangantakar ba ta nan, ka yi wa mai karatu ƙarya. Ni idan na ga "har ila yau" sau huɗu a shafi ɗaya, na san marubucin bai yanke wa kansa abin da ya haɗa zancen ba.

Sarkin Aji: To ni dai na ci, kuma da maki mai kyau.

Mai Shagon Buga Takardu: Ku kawo min shi shago. Yawanci matsalar tazara ce, wani sakin layin ya shiga ciki wani bai shiga ba. Minti goma na daidaita shi.

Ɗan Fagge: Yallaɓai ba wannan ake nufi ba.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu a Nijar tun a makarantar sakandare ake hora mu kan tsari kafin rubutu: ka kawo magana, ka kawo kishiyarta, ka sasanta su, kuma dole ka rufe kowane sashe da jimlar da za ta miƙa ka ga na gaba. Shi ya sa ba mu cika samun wannan matsala ba. Kuma ɗan'uwa, gyaɗa ba Kano kaɗai ta yi ta ba, Maraɗi ma da ita ta tashi.

Na Rediyo: Kun yi dala?

Ɗan Maraɗi: Mun yi gyaɗa. Dalar ai alamar kayan da suka rasa abin ɗauka ce, Baba ya faɗa yanzu.

Magini: A'a, kada ka taɓa mana dala. Kakana ya yi dako a wajen, da kansa yake hawa da buhu.

Malama Uwani: Kun ga an bar zancen. Ni har yanzu ban ji ya janye kalmar ba.

Na Rediyo: Baba, da girmanka, ban yarda da jerinka gaba ɗaya ba. Bin shekaru ba shi kaɗai ne tsari ba. Ni da zan bar jera buhuna a farko yadda yaron ya yi, domin shi ne hoton da ke kama mutum. Sai in ce "Kafin a kai ga wannan, sai da jirgi ya iso", in koma 1911. Kalma goma sun biya kuɗin komawa baya.

Baba Edita: Wannan ya halatta, domin ka yi sallama kafin ka juya, kuma sau ɗaya ka juya. A jarida haka zan yi. A kundin jami'a na fi son a bi sababi.

Ɗan Fagge: To na ukun da na biyar fa? Fari da cuta ne za su riga, ko man fetur?

Baba Edita: Nan ne aikin ya daina zama na almakashi. Duk wanda ka ajiye a ƙarshe, shi mai karatu zai ɗauka a matsayin wanda ya yi kisan. In ka rufe da cutar 1975, kana cewa annoba ce ta gama da gyaɗa. In ka rufe da mai, kana cewa annoba ta kayar da ita, sakaci ya hana ta tashi, kuma mahaɗarka za ta zama irin "Da an so, da an farfaɗo da ita, sai dai hankali ya riga ya koma wani wuri." Kai za ka zaɓa, gwargwadon abin da hujjojinka suka nuna. Kada dai ka haɗa su da "saboda haka", don ba fari ne ya kawo fetur ba.

Kuma in ka gama motsa su, ka bi ka duba ɓarnar da motsin ya bari. Duk inda ka rubuta "kamar yadda aka ambata a sama", ka tabbata abin yana saman har yanzu. "Shi" da "wannan" da "a lokacin" a farkon sakin layi na iya komawa nuna wani abu dabam. In da a na biyu ka fara ambaton cikakken sunan wani kamfani, a na huɗu ka taƙaita shi, yanzu na huɗun ne a gaba, sai cikakken sunan ya dawo can.

Ɗan Fagge: Na jera su a takarda yanzu. Tsakanin dala da fari akwai rami, Baba. Daga buhuna jibge sai kawai ga yunwa, shekaru da dama sun ɓace. Kenan ni ke da gaskiya, ana buƙatar ƙari.

Baba Edita: Wataƙila jimla ɗaya ko biyu, a wannan gurbin kaɗai. Ka fara duba shafi biyun da aka soke, mai yiwuwa tana ciki. Ka kai wa malaminka sabon jerin ka nuna masa ramin.

Sarkin Aji: "Daga bisani" ta isa ta rufe shi.

Baba Edita: Za ta rufe shi ga mai sauri. Mai jan biro zai tambaye ka bisanin me.

Malama Uwani: Tunda dare ya yi bari in tattara. An tabbatar cewa sauya wa sakin layi wuri gyara ne na tushe, kalmar kwaskwarima ba ta dace da shi ba, kuma Baba Edita ya goyi bayan abin da mu malamai muke faɗa kullum. 'Yan rediyo sun amince nasu salon na jarida ne kawai. Yaron zai koma ya ba malaminsa haƙuri.

Na Rediyo: Malama, ban amince da komai ba, cewa aka yi nawa ya halatta.

Ɗan Fagge: Ni ma ban ce zan ba da haƙuri ba, ramin yana nan. Gobe da safe zan kai masa jerin biyu, mai rufewa da cuta da mai rufewa da fetur, in ji wanda zai karɓa.