Abin da na tsinta a hirar bitar aiki bayan an gama

Yawancin masu hirar sun yarda a fara zaman bitar da jera abin da ya faru da lokacinsa kafin kowa ya ba da ra'ayi, kuma a daina tambayar "wa ya yi", a ce "me ka sani a lokacin". Wata ta ce sun taɓa tura wa kwastoma tsohon fayil, da aka bi sawu ashe fayil biyu ne suna ɗaya a folda ɗaya, to ka ga ko wa aka sa a wurin zai iya faɗawa, sai suka gyara tsarin sa suna.

Kan oga kam an yi ta ja, ni dai ina ganin kar ya jagoranci zaman, don in shi ke jagoranta mutane gum suke yi. Kowane gyara a ba shi mai shi da ranar gamawa.