Neman kalma: yaya za a ce “biran bois” da Hausa? Gobe zan buga takarda

Manajar Gidan Ɗinki: Assalamu alaikum. Ina kula da shafin Instagram na wani gidan ɗinkin mata a Zoo Road, mu huɗu muke rubuta bayanin da ake sawa a ƙasan hoto. Hajiyarmu ta ce ranar Asabar in zaunar da yaran, don azumi ya matso, aikin sallah zai rufe mu. Na rubuta takardar dokoki shafi ɗaya, kan takardar ne ya gagare ni. Abin da 'yan boko suke kira “biran bois” nake so in faɗa da Hausa, wato duk wanda ya rubuta a cikinmu, mai karatu ta ji kamar mutum ɗaya ne yake mata magana. Gobe da la'asar zan kai a buga.

Mai Fassara: Wa alaikumus salam. Muryar tambari.

Ɗan Kwari: Tambari kuma? Ni in aka ce tambari, hatimin da ke bakin turmin atamfa nake gani, ko gangar sarki. Hatimi ba ya magana.

Amaryar Bana: Anti in mai murya kike nema, akwai wata a unguwarmu da take ɗora murya a kan bidiyon kaya, kuma ba ta da tsada.

Manajar Gidan Ɗinki: Na gode ƙanwata, ba muryar bidiyo ba ce, rubutu ne. Bari in nuna muku abin da ya tayar da maganar. Doguwar riga ɗaya ce ta atamfa, hotuna uku, a mako guda. Ta farko ta rubuta: “Hajiyoyinmu masu daraja, ga sabon ɗinki ya fito, Allah ya ba da ikon saya.” Ta biyu ta rubuta: “Ke 'yar gayu, wannan taki ce, kar ki bari a riga ki,” ta jera wuta da zuciya har guda tara. Na ukun, ɗan da yake ɗaukar mana hoto, cewa ya yi: “Akwai. A yi magana ta ciki.” Ta farko ta kira launin ruwan goro, ta biyu ta ce ja. Wata kwastoma ta turo tana tambaya ko an yi mana kutse a shafi ne, wata kuma ta biya kuɗin ja, aka kai mata ruwan goro, ta dawo da ita.

Tsohon Ɗan Rediyo: To 'yata, kin ga kuskuren amarya ya yi miki aiki. In ta ji “murya” ta tafi bidiyo, yaranki ma can za su tafi. Mu a gidan rediyo cewa muke “salon gida”: ka san yadda tasharku take gaisuwa, yadda take faɗin sunan gwamna, da kalmomin da ba a furtawa. Sai dai a gidan ɗinki salo ya riga ya yi aure, kina cewa salo za su ɗauka wuyan riga ne ko hannu. Amma ki riƙe “gida”, shi ne daidai da “biran” ɗin nan. Gidan jarida, gidan ɗinki, gidan abinci.

Kafin suna, ki duba takardarki ko ta yanke abu na farko: da ke kuke magana ko da ku? Duk rikicin rubutun nan uku daga nan ya faro. Wadda ta ce “ku” ta tsaya nesa tana girmamawa, wadda ta ce “ke” ta dafa kafaɗa, shi kuma yaron ya gudu cikin “a”, ba ya magana da kowa. Masu kuɗin sayen kayanku su wa ne? In matan aure ne masu haɗa lefe da anko, “ke 'yar gayu” zai kore su ko da rigar ta yi musu.

Manajar Gidan Ɗinki: Baba ka taɓo wurin. Mun tsaya a kan “ke”, amma da “Hajiya” ko “'yar uwa”, ban da “'yar gayu”, ban da “kwastoma” a rubutun da jama'a suke gani. Mu kuma kullum “mu” ne, ba wadda za ta rubuta “na ɗinka” ko “ina da shi”.

Malamin Hausa: Jama'a kuna ta kewaye, kalmar tana bakinku. YAWUN GIDA. Bahaushe yana cewa wane ya yi magana da yawun sarki, ana cewa mai magana da yawun gwamnati. Yaran nan ba bakinsu suke amfani da shi ba, aron yawun gidan suke yi. Ba aro daga Larabci, ba aro daga Turanci, Hausa ce tsantsa.

Ɗan Kwari: Allah ya gafarta Malam, a rubuta “Yawun Gida” a manna a bangon da ake rataye leshin mutane? Hajiya ta shigo ta karanta, ta ɗauka tofi ake yi wa kaya.

Malamin Hausa: Wannan ita ce cutarmu. Da Bature ne ya zo da ita da kun ce ta yi daɗi. Ita kanta mai tambayar, me ya kawo “kwastoma” alhali akwai mai saye, akwai abokiyar ciniki?

Mai Fassara: Malam, tela ma aro ne, leshi aro ne, kanti aro ne, har Kantin Kwarin da muke taƙama da shi. An ce mu riƙa faɗin na'ura mai ƙwaƙwalwa, yau kowa kwamfuta yake cewa. Yanar gizo ce ta samu shiga, don tana da daɗi a baki. “Da yawun” yana aiki a cikin jimla, in ka ciro shi ka tsayar shi kaɗai, miyau ne kawai.

Malamin Hausa: Ku da kuke fassara wa ƙungiyoyi ku ne kuka cika mana kunne da Turancin da aka sa wa hula. Muryar tambari! Wace kaka ce ta taɓa faɗin haka a Kano?

Mai Fassara: Na janye tambarin, ai ban yi rantsuwa a kai ba. Amma yawun ma ba kakar da ta faɗa.

Telan Fagge: Ni ban yi boko mai nisa ba, amma mu a shago “hannu” muke cewa. Yara biyar ne a ƙarƙashina, in riga ta fita dole a ce hannun shagon nan ne, ba hannun wane ba. Yadda nake gwadawa: in juya riga ciki waje in duba kalmasa, in na gane yaron da ya yi, to bai gama koyo ba.

Tsohon Ɗan Rediyo: Maigida, kalmarka ba za ta hau kan takardar ba, amma gwajinka ya fi duk abin da muka faɗa. 'Yata, ranar Asabar ki kwafo rubutu goma na watan jiya, ki cire suna da kwanan wata, ki raba musu, kowa ta canki wadda ta rubuta. Duk inda suka canka daidai, ki tambaye su da me suka gane. Za ki ji an ce ai wance ce take fara komai da “Masha Allah”, wance ce ba ta sa lanƙwasa a ƙ da ɗ, wane ne ba ya sa farashi. Abin da suka lissafa shi ne dokokinki, ba sai kin ƙirƙiro wasu ba.

Manajar Gidan Ɗinki: Wallahi haka zan yi. Ga abin da na riga na sa. Layin farko sunan kaya da launi, domin Instagram yana yanke rubutu bayan layi ɗaya ko biyu ya sa “more”, addu'a da gaisuwa in sun zo farko sai su cinye wurin. Sai yadi da awo, sai farashi a rubuce da lamba, ba “a yi magana ta ciki”. Launuka na rubuta sunayensu a gefe da ƙyallen kowanne a manne: ruwan goro, ruwan toka, ruwan hoda, ruwan ƙasa, shuɗi. Alamar zuciya ko fure ba ta wuce biyu. Rigar can da aka yi rikici a kanta yanzu ta koma haka: “Doguwar rigar atamfa, ruwan goro. Daga turmi guda, har da ɗankwali. ₦45,000. Hajiya, turo mana awonki, cikin kwana bakwai ki karɓa insha Allah.”

Amaryar Bana: Anti ki yi haƙuri, wannan ya yi tsafta amma ba gishiri. Ni fa waccan ta “kar ki bari a riga ki” ita ta fi ja na. In duk rubutu ya zama haka, kamar rasit zan riƙa karantawa.

Tsohon Ɗan Rediyo: Yarinyar nan ta yi gaskiya rabi. Ki ɗaure layi ukun farko, ki sake musu na ƙarshe, kowa ta yi nata da sharaɗin “ke” da “mu” ɗin nan. Kuma ki raba abu biyu da suke rikita mutane. Mutum ɗaya ne yake zuwa biki yake zuwa ta'aziyya, ba a cewa ya canza, amma ba da fuska ɗaya yake zuwa ba. Rubutun barka da sallah da amsar matar da ɗinkinta ya makara ba za su yi zafi ɗaya ba. Amsar ƙorafi ita ce inda gida yake tonuwa, don a fusace ake rubuta ta da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ki rubuta ta tun yanzu da ranki a sanyaye, ki ajiye a Quick replies na WhatsApp Business, mai aiki ta danna / ta ɗauko ta gyara suna da rana.

Kalma kuwa, ni “lafazin gida” zan ce. Muna cewa wance tana da daɗin lafazi, kuma ba sautin maƙogwaronta muke nufi ba, zaɓen kalmominta da ladabinta muke nufi.

Malamin Hausa: Lafazi Larabci ne.

Ɗan Kwari: Malam ma Larabci ne, ranka ya daɗe.

Mai Fassara: Lafazi yana ɗan karkata ga furuci, a aji haka ake amfani da shi, shi ya sa bai kwanta min ɗari bisa ɗari ba. Amma ba wanda zai ji shi ya tafi bidiyo ko wuyan riga. Na bi, kafin a samu wadda ta fi.

Manajar Gidan Ɗinki: To na gode muku. Kan takarda: “Lafazin Gidanmu”. Doka ta ɗaya kuma ta Malam ce: “Duk wadda ta hau shafi, da yawun gida take magana, ba da nata ba.” Abin da ban warware ba shi ne wa zai duba kafin a saka. Yanzu ni ce, amma a goman ƙarshe na azumi muna saka hoto shida ko bakwai a rana, ina wajen yanka, ba zan iya ba.

Telan Fagge: Ki haɗa su biyu-biyu, wannan ta duba wa waccan. Sai dai kar ki haɗa ƙawaye.

Malamin Hausa: An sa yawun a layi na biyu, ba komai. Amma ki cire “kwastoma” daga takardar kafin ki buga.

Manajar Gidan Ɗinki: Sau huɗu ta fito, Malam. Na cire uku.