Manhajata tana ba da adireshin layin baya, ina neman taimako

Salam 'yan uwa, don Allah ku taimaka min, kwana uku ke nan ina kan wannan matsalar. Ina ɗaukar lambobin wuri daga wayar mai kai kaya in tura wa Nominatim, manhajar nemo adireshi daga taswirar OpenStreetMap, ta mayar min da adireshi kamar haka:

```
/reverse?lat=..&lon=..&format=jsonv2&zoom=18
```

Da farko na juya lambobin ne, saboda GeoJSON yana fara sa longitud kafin latitud, sai ta jefa ni cikin teku, wannan kam na gyara. Abin da ya rage shi ne idan mutum yana tsaye a ƙofar gida sai ta ba ni sunan layin da ke bayan gidan, wani lokacin ma ba lambar gida sam.

Yadda na fahimta, ba lissafa adireshin take yi ba, abu mafi kusa da ɗigon take nema cikin bayanan OpenStreetMap ta ɗauki adireshinsa, to idan ba a zana gidan a taswira ba titi kawai za ta kama, kuma wayar kanta tana kaucewa da mita 15 ko 20 tsakanin gine-gine, wanda ya isa ya tsallaka da ɗigon zuwa wancan layin. Na duba ko yanke lambobi nake yi, a'a, guda 6 nake turawa bayan ɗigo.

Shin in kwatanta `lat` da `lon` na amsar da waɗanda na tura in ƙi karɓa idan tazarar ta wuce kima? Mita nawa kuke sawa?